Shaddar Sadiku tana wurin mai wanki

Laraba. Tun bayan la'asar maganar ƙanena Sadiku take yi mini yawo a rai, don haka gara in rubuta ta kafin in kwanta.

Kun san halinsa: ko baƙo ne ya yi sallama, sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Da aka sa musu ranar gabatar da aiki a gaban aji, ya ce shigarsa ce take sa ake raina shi. Ya karɓi kuɗi a hannuna ya tafi Kantin Kwari ya yanko shadda yadi biyar, tela ya yi masa aiki a wuya, ya sayi zanna bukar, ya yi aski, ya fesa turare. Ya yi kyau ƙwarai, wannan babu gardama. Amma ran nan ya dawo jiki a sanyaye, domin takardar da ya haddace ta gudu daga kansa, muryarsa ta yi ta rawa, hular kuma ta jiƙe da gumi.

Yau shaddar tana wurin mai wanki, da tsohon kaftaninsa ya fita. Malamin kimiyyar sinadarai ya tambaya ko akwai wanda zai kawo misalin yadda iska take sauya launin abu, aji ya yi tsit. Sadiku, wanda yake yin hutunsa a marinar Ƙofar Mata tare da Kawu, ya ce bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya bayyana musu yadda ake zuba baba da toka da kanwa a rijiyar rini a bar su su ruɓa, ana motsawa, har kumfa ta taso. Da yadda zane yake fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Da dalilin da ya sa ake tsomawa ana ɗagawa sau da yawa in ana son ya yi duhu. Aka yi ta jefo masa tambayoyi yana amsawa.

"Yaya, wallahi ban ma tuna abin da na sa ba," in ji shi. "Abin da hannuna ya sani ne, ba wanda zai rikita ni a kansa."

Na yi dariya, Hajiya ta sa masa albarka. Daga baya kuma raina ya ɗan sosu, domin na tuna yadda yaron nan yake dirje shuni daga farcensa da sabulu kafin a koma makaranta, don kada abokansa su gane inda ya yi hutu. Wa ya koya masa cewa wannan abin ɓoyewa ne? Mu ma a gidan nan mun sha yi masa tsiya a kan hannun.

Sati mai zuwa yana da wani gabatarwar. Ya ce shaddar zai sa, tunda dai an riga an ɗinka, amma ya roƙi Kawu ya ba shi ƙyalle biyu, fari da rinanne, zai tafi da su aji.