Farin layin da ke tsakanin fuska da mayafi ya tafi

Jama'a, daren jiya na rabu da siririn farin layin nan da ya hana ni sakat a zanen Goggo, har yanzu ina buɗe fayil ɗin ina kallo don daɗi. Goggo tana sayar da shinkafa da wake a unguwar Aboabo, ita ta ce in zana fuskarta a allon da za ta kafa gaban rumfa, faɗinsa mita 1. Hoton da ta turo ta WhatsApp ya riga ya dagargaje, don haka da hannu na bi shi a manhajar zane ta Inkscape, da alƙalamin da maɓallin B ke ɗaukowa, hoton yana leyar ƙasa a kulle.

Bin gefuna bai wahalar da ni kamar da ba. Tun da na koma sa ƙulli, wato ɗigon da ke riƙe layi, a ƙololuwar kowace lanƙwasa kawai, ina riƙe Ctrl don hannayen su miƙe tsaye ko kwance, bakin mayafi ya daina karkarwa. Fatar fuska launi uku na ba ta, haske da tsakiya da inuwa. Na zana kan gaba ɗaya a matsayin siffa guda, sannan na yanka shi da Path > Division, fuska ta fita daban, mayafi daban, gefensu ya haɗu cif ba rata.

Amma ga farin layi kamar zare ya kewaye fuskar, daga goshi ya bi kumatu har haɓa. A kwamfuta na ce ƙila idona ne. Na kai gwajin bugawa unguwar Adum da ke Kumasi a kan sitika, mai bugawar ya mayar da fayil ɗin hoto kafin ya tura wa inji, layin ya fito fes a kan mayafi mai shuɗi mai duhu. Sidi 60 suka tafi a kan abin da ba zan iya nuna wa Goggo ba, kuma wallahi sun yi mini zafi.

Na dawo na kunna manne ƙulli, na bi ƙullayen ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana zaune daidai kan ɗan'uwansa. Na shiga View > Display Mode > Outline, layi ɗaya tak nake gani a wurin. To ina ratar take? Abin da ya buɗe mini ido gwaji biyu ne, kuma ku yi su kafin ku taɓa ƙulli ko ɗaya. Na farko, na shimfiɗa jan murabba'i a ƙarƙashin zanen duka, nan take layin ya koma ja. Ke nan launin bango ne ke leƙowa. Na biyu, na zuƙo wurin sosai. Da rata ce ta gaske, da ta yi ta faɗi yayin da nake zuƙowa. Wannan kuwa kaurinsa bai canza ba, ko a 100% ko a 3200% siririn nan ne dai, kamar fiksel ɗaya.

Dalilin yana wajen yadda manhaja ke sulɓanta gefen siffa don kada ya yi haƙora-haƙora. Ku ɗauki fiksel ɗaya da iyakar fuska da mayafi ta ratsa tsakiyarsa. Manhaja ba ta zana siffofin biyu tare, ɗaya bayan ɗaya take yi. Ta zo kan fuska, ta ga rabin fiksel ɗin ta rufe, sai ta gauraya launin fata da farin bango rabi da rabi. Ta zo kan mayafi, shi ma rabi ya rufe, sai ta gauraya shuɗi rabi da abin da ta tarar a wurin. Ba ta tuna cewa rabin da mayafi ya rufe shi ne ainihin rabin da fuska ta bari. Rabin rabi na fari ya tsira, wato 25% na fiksel ɗin bango ne. Jera irin wannan fiksel tun daga goshi har haɓa, ga layinka. Shi ya sa daidaita ƙulli ba ya maganinsa, gefunan da suka haɗu cif su ne ma suke haifar da shi. A Document Properties na cire alamar Use antialiasing, wato sulɓanta gefen nan, don in tabbatar, layin ya ɓace, gefuna suka koma kaushi. Wannan gwaji ne kawai, don injin mai bugawa bai san abin da na kashe a kwamfutata ba.

Na gwada ba wa fuska ɗan layin gefe mai launinta, ya rufe farin, sai dai a inda inuwa ta taɓa mayafi sai launin da ba na wurin ba ya fito. Path > Outset kuma ya sake lissafa mini siffar ya watsa ƙullayen da na sha wahalar shiryawa. Ban ƙara waiwayarsa ba.

Abin da ya yi aiki shi ne jera siffofin kamar kwanon rufi, kowanne ya hau kan na ƙasansa. Na danna N na ɗauki abin gyara ƙulli na ja ƙullayen gefen fuska waje, suka shige ƙarƙashin mayafi da kamar milimita 3 a girman allon. Wannan ɓoyayyen gefen ba ya bukatar kyau, ƙulli kaɗan sun isa, ba mai ganinsa. Inuwar kumatu ma na ja ta ta wuce can ƙarƙashi. Yanzu gefe ɗaya ne kawai ke yanke iyaka, na mayafi. Fiksel ɗin nan na ɗazu ya cika da launin fata tukuna, sannan shuɗi ya hau rabinsa, bango bai sami ƙofa ba.

Inda na daɗe shi ne mayafin kansa, don a hoton yana gaban goshi, kuma yana bayan wuya. Siffa ɗaya ba za ta zauna sama da fuska da ƙasan wuya a lokaci guda ba. Dole na raba shi biyu. Na baya ya sauka can ƙasa da wuya, na ba shi shuɗi mafi duhu tun da dama cikin inuwa yake, na gaba ya hau saman komai. Na sa mahaɗarsu a kan wani ninki da ke saukowa daga kunnen hagu zuwa kafaɗa, na baya ya shige ƙarƙashin na gaba sosai. Jerin daga ƙasa ya zama bango, mayafin baya, wuya, fuska, inuwa, idanu da baki, sai mayafin gaba. Page Up da Page Down sun sha dannawa.

Abu ɗaya zai ɓata muku wannan dabara, shi ne launi mai shara-shara. Inuwoyin ninkin mayafi da farko baƙi ne da na rage wa Opacity zuwa 20%, kuma duk inda biyu suka hau juna sai wurin ya ninka duhu, tabo ya fito. Na ɗebi launin da idona ke gani a wurin da D, abin ɗibar launi, na mayar da kowace inuwa launi tsayayye a 100%. In kuna jan D a kan hoto maimakon danna shi sau ɗaya, matsakaicin launin wurin yake ɗebowa, kuma ga hoton WhatsApp mai ɗigo-ɗigo wannan ya fi ba da launin fata na gaskiya.

Na fitar da PNG da jan murabba'in nan a ƙasa, na bi iyakar fuskar kaf, babu ja ko ɗigo. Saura hannunta da ke riƙe da ludayi, yatsun suna gaban ludayin kuma suna bayansa, don haka shi ma raba shi biyu zan yi. Wannan karon a takardar A4 zan fara gwada yankin fuskar kaɗai, a ainihin girmansa, kafin in sake biyan kuɗin sitika.