Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Dubu Ashirin Ɗin Ranar Gujungu

Baffa, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mini cewa jari ba a yi masa kara. A buhun gero yake faɗar haka, ni kuwa a kan na'urar POS maganar ta same ni.

Lahadi ce, ranar kasuwar Gujungu. Na buɗe rumfa da tsabar kuɗi dubu 150 a jaka, dubu 50 a walat, wato asusun na'urar, jari dubu 200 ke nan. Ranar kasuwa dole tsaba ta rinjaya, domin kowa cira yake zuwa yi. Duk wanda ya cira, jakata ta ragu, walat ya ƙaru. Wanda ya kawo a tura masa, jaka ta ƙaru, walat ya ragu. Kuɗin wuri kawai yake sauyawa. In ka haɗa biyun da dare, sai ka ga jarinka cif, ga caji a kai.

Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma, na kunna cocila, na buɗe littafi. An ciri dubu 120, na tura dubu 30, caji a hannu 3,200. Jaka ya kamata ta nuna 63,200, na ƙirga sau biyu, haka ta nuna. Walat kuwa dubu 50 da dubu 120, a ɗebe dubu 30 da naira 700 na kamfani, 139,300 ke nan. Allo ya nuna 119,300.

Gabana ya faɗi. Amma tun lokacin na san in giɓi a jaka yake, hannuna ne ya yi kuskure wajen ƙirga ko canji. In a walat yake, akwai kuɗin da na bayar ba su shigo ba. Sai na bi tarihin na'ura layi-layi ina gwada shi da littafi, har na zo kan dubu 20 ta bayan la'asar. Littafi yana da ita, na'ura ba ta da ita.

Ɗan Gwaggo ne. Ya zo da gaggawa zai biya kuɗin akuya, ya miƙo waya ya ce, "Yaya, ga risit, ya fita." Sabis yana wahala, mutane sun yi layi, na ji nauyin in ce ya jira alat. Na ƙirga na ba shi. Kara ke nan, wadda Baffa ya hana. Daga baya, a ƙarancin kuɗi na 2023, har surukina na tsayar a rana sai da na ga alat, ya yi wata bai amsa gaisuwata ba.

Washegarin waccan Lahadin kuɗin suka koma asusun ɗan Gwaggo. Ya sani, ya yi shiru, ni kuma jarina ya ragu, ranar Talata kafin azahar ina mayar da mutane don ba tsaba. Yadda muka kwashe da Gwaggo a zauren gidanmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.