Sidi 4,620 tsakanin watanni shida da jimillarsu

Ni nake riƙe lissafin shagon sarin kawuna a Aboabo, nan Kumasi, inda muke sayar da shinkafa da mai da sukari. Kowane ƙarshen wata ina fitar masa da rahoto: kowane wata da layinsa na tsaye, daga Janairu zuwa Disamba, sannan layi na ƙarshe mai kan `YTD`, wato jimillar abin da ya taru daga farkon shekara zuwa watan da ake ciki. Adadin wata-wata yaron ofis ne ke kwafowa da hannu daga rahoton da manhajar lissafi ta buga idan an rufe wata. Na `YTD` kuwa sabo ake ɗaukowa daga manhajar duk ranar da za a fitar da rahoto. Tunda mafarinsu biyu ne, babu abin da ya tilasta su zo daidai, sai an duba.

Da rahoton Yuni ya zo, banki na neman lissafin rabin shekara, na ƙara layin tsaye guda a gefe, na sa wannan a kowane layin kwance:

```
=ROUND(SUM(C8:H8)-O8,2)
```

Ma'anarsa, a haɗa Janairu zuwa Yuni, a cire abin da `YTD` ya ce, a tsaya a kan fesuwa, wato ɗaya cikin ɗari na sidi. Inda lissafi ya tafi daidai, sifili za a gani. Ciniki ya ba da sifili, albashi da haya ma haka. Kuɗin mota, wato abin da muke biyan masu ɗauko kaya daga Tema, shi ya ƙi. Janairu sidi 18,400, Fabrairu 16,950, Maris 21,300, Afrilu 19,750, Mayu 17,600, Yuni 20,100. Haɗinsu 114,100 ne, amma `YTD` ya ce 118,720. Tazarar sidi 4,620 ke nan.

Abin da kowa ke fara yi shi ne ya nemi 4,620 a cikin manhaja, ko akwai wata takarda mai wannan adadin. Na nema, babu. Na raba shi biyu, don idan an sa ragi a wurin ƙari, tazarar kan zama ninki biyu na adadin asali. 2,310 ma babu shi. Na gwada raba shi da tara, saboda idan an juya lambobi biyu wajen kwafe, tazarar kullum tana rabuwa da tara cif. Bai rabu ba. Duk dabarun nan suna aiki ne idan kuskuren guda ɗaya ne, kuma rashin aikinsu shi ya sa na fara zargin ba ɗaya ba ne.

Sai na ɗauko tsofaffin rahotannin da muka buga wata-wata, waɗanda Kawu ke ajiyewa a durowa da roba ɗaure da su. A da ina ganin tara takarda ne kawai, ranar nan kuwa su suka fitar da ni. Ƙa'idar mai sauƙi ce: `YTD` na wannan wata, a cire `YTD` na watan da ya wuce, abin da ya rage dole ya zama adadin wannan watan. Ana bin wata-wata har a kai inda ƙa'idar ta karye.

Janairu zuwa Maris lafiya lau, jimillar ta tsaya a 56,650. Rahoton Afrilu ya ce 76,220. Idan an cire 56,650, saura 19,570, amma a gurbin Afrilu 19,750 aka rubuta. An juya biyar da bakwai. Tazarar 180 ce, kuma ga ta ta rabu da tara. Rahoton Mayu ya ce 98,620. A cire 76,220, saura 22,400, alhali kuɗin motar Mayu 17,600 ne. Sidi 4,800 sun shigo jimilla ba su bi ta kowane wata ba. Yuni ya zo daidai. To ka ga 4,800 a cire 180, shi ne 4,620 ɗin da na yi ta nema a matsayin takarda guda.

Da na nemi 4,800 a manhajar, nan take ta fito. Wani direba ne ya kawo tirelar shinkafa a ƙarshen Maris, bai kawo takardar kuɗinsa ba sai cikin Mayu. Wanda ya shigar da ita ya sa mata kwanan Maris, tunda ranar aka yi aikin. Manhaja ta zuba kuɗin a Maris, jimillar shekara ta ɗauka, amma gurbin Maris a rahotonmu an kwafe shi tun farkon Afrilu, yana nan a 21,300. Idan aka sake buga Maris yau, 26,100 zai fito.

Na kai wa Kawu. Ya ce, "To wanne ne gaskiya, ɗana? Kuɗi sun ɓata ne?"

Na ce, "Ko fesuwa ba ta ɓata ba, Kawu. Jimillar ce daidai, watanni biyu ne ke buƙatar gyara."

Wannan ya saɓa wa abin da mutane suka saba zato. Da yawa idan sun ga tazara, sai su goge `YTD` su sa `SUM` na watannin a wurinsa, komai ya zama sifili, hankali ya kwanta. Da mun yi haka, da mun kai wa banki kuɗin mota da ya gaza na gaskiya da 4,620, riba kuma ta kumbura da daidai wannan. Kuma daga ranar binciken ya zama na banza, don layin da aka gina daga watannin ba zai taɓa saɓa musu ba. Amfanin dubawar yana nan ne muddin jimillar ta fito daga littafin lissafi, watannin kuma daga rahotannin da aka riga aka fitar.

Na gyara Afrilu zuwa 19,570, na mai da Maris 26,100, na rubuta a ƙasan shafi cewa an sake adadin Maris saboda takardar da ta makara, da lambarta. Bayanin nan ya zama dole, don duk wanda ke riƙe da tsohon rahoton Maris zai ga adadi dabam. Sannan muka sa ranar kulle a manhajar: wata idan an rufe shi, ba mai shigar masa da komai sai da izinina. Takarda ƙarama da ta makara tana shiga watan da ke buɗe. Babba irin ta direban nan, na fi son tun a ƙarshen wata a rubuta ta a matsayin bashin da ke kanmu, tunda mun san mota ta zo kuma mun san farashi, ko takarda ba ta iso ba.

Ba kowane layi ake haɗawa haka ba. Kayan da suka rage a sito, kuɗin da ke banki, bashin da muke bin 'yan kasuwar Kejetia, waɗannan adadi ne na ranar ƙarshen wata, don haka `YTD` nasu shi ne na Yuni kawai. Kason riba ma ba a haɗa shi, ba a kuma ɗaukar tsaka-tsakinsa. Idan Janairu an yi cinikin 500,000 da riba kashi 10 cikin ɗari, Fabrairu 1,500,000 da kashi 6, ribar duka 140,000 ce a kan 2,000,000, wato kashi 7, ba 8 ba. Irin waɗannan layukan na bar gurbin bincikensu da alamar cewa ba a haɗa su, don kar yaron ofis ya ja dabarar har ƙasan shafi ya tayar wa kansa da hankali.