Godiya ga waɗanda muka kwana tare a filin jirgin Adis Ababa

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah da ya dawo da ni da mahaifiyata Kano lafiya daga jinyar da ta yi a Indiya, ina miƙa godiyata ga bayin Allah da muka raba benci guda da su a Adis Ababa, inda muka sauka don canjin jirgi.

Da safe ya kamata mu tashi, sai aka yi ta ɗage lokaci har aka soke tafiyar, saboda hazon hunturu ya rufe Kano yadda matuƙi ba zai iya hangen titin sauka ba. An yi mana tayin otal, amma hawa da saukar mota sun fi ƙarfin mai sabon ɗinki, don haka muka zauna.

Godiyata ta farko ga wani Alhaji ne ɗan Kantin Kwari da ke dawowa daga Guangzhou. Da ya ga na tsaya ina kallon allo, sai ya ce, "Malam, allo ba zai ba ka kujera ba, tashi mu je teburin masu canjin jirgi." A can ya sa na karɓi sabuwar takardar shiga jirgi, ya nuna mini cewa idan babu lambar kujera a jikinta, ana iya barin mutum cikin masu jiran rara. Ya kuma sa aka duba ƙaramar takardar kaya da aka manna mana tun Mumbai, aka haɗa lambarta da sabon jirgin, aka sake rubuta buƙatar keken marasa lafiya. Ba don shi ba, da wataƙila mun iso akwatunanmu suna can.

Sanyin daren ba wasa ba ne, domin garin yana kan tudu da ya haura mita 2,300. Wata Hajiya 'yar Damagaram ta ciro bargonta ta lulluɓe mahaifiyata, ta ce, "Inna, miƙe ƙafafunki a cinyata," ita kuwa ta kwana a zaune. Har yanzu idan na tuna sai idona ya ciko.

Na gode wa wani ɗalibi Bahabashe da ya nuna mana alƙibla, wadda a can kusan arewa take ba gabas ba, ya kuma tuna mini cewa agogonsu yana gaban namu da awa biyu, don kada lokacin maganin Inna ya rikice. Shi ne ya riƙa leƙa allo muna gyangyaɗi, har ya kawo mana albishir bayan asuba cewa an sanya ƙofar shiga jirgin Kano.

Allah ya saka musu da alheri. Ɗinkin Inna yana warkewa, kuma ta ce duk wanda ya san Hajiyar ya isar mata da gaisuwa.