Yadda na koyar da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Tawa

Ajina a nan Tawa ya tara ƴaƴan Adarawa, Gobirawa, Fulani da Buzaye, kuma kowane ɗalibi yana zuwa da labarin jihadi da ya ji daga bakin kakanninsa. Idan malami ya buɗe darasi da yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, nan take aji zai rabu, a koma gardamar Hausa da Fulani, shi ya sa nake ajiye yaƙi sai daga baya.

Da taswira nake farawa. Na ɗora alli a kan Marata, kusa da Galmi, inda aka haifi Shehu a 1754, sannan na ja layi zuwa Agadas inda ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru neman ilimi, na dawo da shi Degel. Ɗalibai da dama ba su taɓa jin cewa a jiharsu aka haife shi ba.

Inda na fi daɗewa shi ne shekaru talatin na wa'azi, daga 1774 zuwa 1804. Na raba allo gida biyu. A dama na rubuta buƙatu biyar da Shehu ya gabatar wa sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami bayan ya ƙi karɓar kyautar sarki, wato a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki ƴan kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. A hagu kuwa na rubuta dokokin Nafata, sarkin Gobir na daga baya, wanda ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, ya kuma haramta rawani da lulluɓi. Su da kansu suka gano cewa abin da Bawa ya bayar ne Nafata ya janye, domin a lokacin jama'ar Shehu ta yi ƙarfin da fadar Gobir da ke Alkalawa ke jin tsoro.

Daga nan harin da Yunfa, magajin Nafata, ya tura Gimbana da hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804 ba sa wuyar fahimta. Nakan jaddada cewa jagoran mutanen Gimbana, Abdussalami, almajirin Shehu, Ba'are ne ba Bafulatani ba, kuma wannan kaɗai yana raunana zancen ƙabilanci fiye da dogon jawabi.

Ban ɓoye musu abin da ke da ɗaci ba, domin a ganina ɓoye shi cin amanar ilimi ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu, ya bar rundunar jihadi ya nufi Kano a 1807 saboda son duniya da ya gani a wurin wasu mayaƙa. A jarrabawa nakan tambayi dalilin tafiyarsa, kuma ɗalibin da ya haddace shekaru kawai a nan yake tsayawa, alhali wanda ya fahimci allon nan mai gida biyu yakan auna halin mayaƙan da buƙatun Magami.