"Ai tawa ma i7 ce": yadda nake auna kwamfuta da gem kafin a saya

Sana'ata gyara da haɗa kwamfuta ce, ni da yara biyu da ke taya ni. A 'yan shekarun nan, yawancin masu shigo mini da ƙorafin "kwamfutata ta lalace" ba abin da ya sami kwamfutarsu. Gem ne suka ɗora mata wanda ya fi ƙarfinta. Shi ya sa kafin na taɓa sukurdireba nake tambaya: wane gem ne, kuma me aka rubuta a ƙasan shafinsa?

Kowane gem yana zuwa da jeri biyu, `Minimum` da `Recommended`. Na farko shi ne mafi ƙarancin ƙarfin da gem zai tashi da shi, galibi bayan an rage kyan hoto zuwa ƙasa. Na biyu shi ne inda za a buga cikin natsuwa. Wannan kowa na ganewa. Inda ake faɗawa rami shi ne wajen gwada sunayen da ke jerin da sunayen da ke cikin na'urar mutum.

Kwanaki wani saurayi ya zo da laftof ɗinsa, yana son Cyberpunk 2077. Ya riga ya karanta jerin, har ya ɗauki hotonsa a waya. Tun bayan sabuntawar 2023, mafi ƙarancin da gem ɗin ke nema shi ne firosesa Core i7-6700, katin girafik GTX 1060 mai gigabait 6, RAM gigabait 12, da fili gigabait 70 a kan SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri. Ya nuna mini sitikar da ke kusa da madannai ya ce, "Malam, ai tawa ma i7 ce. Kuma tawa 7500 ce, tasu 6700. Na ma wuce su."

Na ce, "Ƙanena, zauna mu duba tare."

Cikakken sunan firosesarsa i7-7500U ne, kuma labarin duk yana cikin wannan harafin na ƙarshe. U alama ce ta firosesar da aka ƙera don siraran laftof, mai tsimin batir, wadda aka tsara a kan wat 15. Ita kuwa i7-6700 ta kwamfutar tebur ce, mai wat 65. Na buɗe masa `Task Manager`, muka shiga `Performance`, na ɗora yatsa a kan layin `Cores`, wato adadin ƙwaƙwalen da ke aiki a cikin firosesar: biyu. Wadda gem ke nema huɗu gare ta. Suna ɗaya, amma kamar jaki ne da doki. Lambar farko ta 7500, wato 7 ɗin, zamanin da aka fitar da ita kawai take nunawa, kuma kasancewa sabuwa ba ya mayar da ƙaramar firosesa babba.

Duk da haka ba firosesa nake fara dubawa ba. Katin girafik nake fara nema, domin shi ke yanke hukunci a manyan wasanni masu nauyin hoto. Sai a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta:

```
dxdiag
```

Bayan an danna Enter, a shafin `Display` za a ga sunan katin. Nasa Intel HD Graphics 620 ne, wanda ba kati ne mai zaman kansa ba, wani sashe ne a jikin firosesar. Nan ma sai da muka ja, domin idonsa ya faɗa kan layin `Approx. Total Memory`, inda aka rubuta wajen gigabait 4. Ya ce, "To ga shi, saura biyu kawai na kai shida." Wannan layin ya yaudari mutane da yawa, kuma ba na ganin laifinsu. Layin da za a duba shi ne na ƙasansa, `Display Memory (VRAM)`, kuma nasa megabait 128 ne kacal. Sauran duk aro ne daga RAM ɗin kwamfutar, wanda shi ma gigabait 8 ne, bai kai 12 ɗin da ake nema ba. Ma'ajiyar aro ba ta da saurin ta katin gaske, kuma duk abin da girafik ya ara, an rage wa gem ɗin ne ta ɗaya gefen.

Wani abu da nake yawan tunasar da yarana: laftof ɗin da ke da kati na musamman sau da yawa tana nuna biyu, na jikin firosesa da na NVIDIA ko AMD. Wani lokaci na biyun yana shafin `Render` ko `Display 2`. Kada a ga Intel a shafin farko a yanke hukunci. Mun duba ta saurayin, babu na biyu.

Su ma lambobin kati suna da nasu tarkon. GT 1030 ya fi GTX 980 girman lamba, amma bai kama ƙafarsa ba wajen ƙarfi. A katunan NVIDIA lambobin farko zamani ne, biyun ƙarshe kuma matsayi: 30 ƙasa ne, 60 tsakiya, 80 sama. Shi kansa GTX 1060 iri biyu ne sanannu, mai gigabait 3 da mai 6, don haka idan jeri ya ce mai 6, mai 3 bai cika sharaɗi ba. Idan sunayen suka yi nisa da juna har na kasa auna su da ka, nakan nemi bidiyon wanda ya buga wannan gem ɗin da irin wannan katin, na kalli adadin hotunan da ke fita a daƙiƙa. Ƙasa da 30, motsi zai riƙa sarƙewa.

Na gaya wa saurayin gaskiya: ƙara RAM ba zai cece shi ba. Zan iya sa masa, kuma ciniki ne a gare ni, amma firosesar da girafik ɗin a liƙe suke da allon laftof ɗin, ba sa canzuwa. Ban ga amfanin sayar masa da abin da zai dawo bayan kwana biyu yana jin na cuce shi ba.

A makon nan kuma wata baiwar Allah ta kawo kwamfutar tebur ta ɗanta, shi ma gem ɗin nan yake so. GTX 1060 mai gigabait 6 ne a ciki, firosesar ta wadatar, amma RAM 8 ne, kuma tsohon faifai mai juyawa ne ke riƙe da komai. A takarda ita ma ta gaza a layi biyu. Sai dai layukan da ake iya gyarawa ne. Muka kai RAM 16, muka sa SSD. Na dai faɗa mata cewa a bakin iyaka yaron yake: zai buga a 1080p da saitin `Low`, kada ya sa ran irin hoton da yake gani a talla.

Shi kuwa saurayin, kafin ya tafi ya tambaye ni ko ya gwada sa'arsa. Na ce idan a Steam, shagon sayar da gem na intanet, zai saya, ƙa'idarsu ita ce ana iya neman a mayar da kuɗi cikin kwana 14, matuƙar bai buga awa biyu ba. Amma na nuna masa cewa tarin gigabait zai sauke kafin ya ga abin da `dxdiag` ya riga ya faɗa masa cikin minti ɗaya. Ya yi shiru yana kallon sitikar i7 ɗin, sannan ya jawo kujera ya ce mu duba wasannin da laftof ɗin za ta iya ɗauka.