Yadda muke kai agaji bayan Mile 12 idan Kogin Ogun ya cika

Ambaliya iri biyu ce a Legas. Akwai ta ruwan sama, wadda ke cika kwatoci a watan Yuni da Yuli, ta tare hanya na wasu awoyi sannan ta janye. Akwai kuma wadda ke zuwa wajen Satumba da Oktoba, lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, Kogin Ogun ya tumbatsa. Wannan ta biyun rana na ƙwallewa za ka ga ruwa na hawowa ta bayan gida, kuma idan ta zo sai ta yi makonni, domin ƙasar kwari ce, tafkin Legas da zai karɓi ruwan shi ma a cike yake. Ita ce ke cin Isheri da Kara da Agiliti da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu. A kanta nake aiki, a kwamitin agaji na wani masallaci da ke kusa da kasuwar Mile 12.

Alherin wannan ambaliya guda ɗaya ne: tana yin sallama kafin ta shigo. Hukumar da ke kula da madatsar tana sanar da sakin ruwa, gwamnatin jiha ma tana gargaɗi. Saboda haka aikinmu na gaske a watan Agusta ake yin sa, lokacin da damina ke ɗan sararawa, ba ranar da ruwa ya kai gwiwa ba.

Abin da muka fi jayayya a kai shi ne inda za a ajiye kaya. Dattawa sun so a tara komai a sito ɗaya a bakin babban titi, ƙarƙashin makulli ɗaya. Hujjarsu tsaro ce, kuma ba wasa ba ce. Amma hanyar da ke shiga unguwannin bayan kasuwa tana da wani gangare da ruwa ke fara shafewa, kuma da zarar ya shafe shi, kayan suna wannan ɓangare, masu buƙata suna wancan. Na ce wa shugabanmu, "Baba, idan ruwa ya raba mu da su, makullin nan me zai buɗe?" A ƙarshe aka raba biyu. Abin da ba ya lalacewa, wato gidan sauro, tabarmar roba, leda mai kauri ta rufi, jarka, bokiti, sabulu da ƙwayar tsarkake ruwa, muka tsallaka da shi tun da wuri muka ajiye a saman wani bene a cikin unguwar. Makulli ɗaya yana hannun liman, ɗaya a hannun wakilin Baale, wato mai unguwar Yarbawa, don kada a ce agajin Hausawa ne kawai. Kayan suna kan katako, ba sa taɓa ƙasa ko bango, saboda danshin Legas yana ratsa siminti.

Abinci kuwa ba ma tarawa. Wake yana yin ƙwari, shinkafa tana yin fumfuna, ga kuma Mile 12 a gefenmu. Sai muka ba wasu 'yan kasuwa biyu kafin alƙalami, da sharaɗin duk ranar da muka kira za su fitar da kaya a farashin da aka rubuta.

Ga lissafin da ya canja yadda muke ɗaure kaya. A ce gida 120 ne ruwa ya tare, kowane gida mutum biyar, mutum 600 ke nan. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi shi ne lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da wanka. Wannan ya kama lita 9,000, nauyin tan tara, kullum. Ledar fiya wata mai ƙulli 20 lita 10 ce kacal, kilo 10. Ƙaramin kwalekwalen katako da muke haya, idan ka cire matuƙi da mutum biyu masu rakiya, abin da muke yarda mu ɗora masa bai wuce kilo 250 ba. Wato sai ya yi sawu 36 a yini kafin ya kai ruwa kaɗai, ba a maganar abinci. Ba zai yiwu ba. Don haka fiya wata ta masu jego ce da marasa lafiya da jarirai. Sauran gidaje jarka muke ba su da ƙwayar tsarkake ruwa, su tari ruwan sama ko su ɗebo a famfon da bai nutse ba. Muna nuna musu da hannu: idan ruwan ya yi duhu a bar shi ya kwanta, a tace da kyalle mai tsabta, a jefa ƙwaya daidai yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Rijiyar da ambaliya ta shiga mun hana shan ta, domin masai ya riga ya haɗu da ita. Wanda ya ga kwalarar da aka yi a Legas a 2024 ba ya buƙatar dogon bayani. Kowane ƙunshin da muke rabawa yana da gishirin rayuwa, wato ORS da ake ba mai gudawa.

Buhun kilo 50 ba ya shiga kwalekwale. Idan ya gangara gefe zai kifar da jirgi, kuma babu matar da za ta ɗauke shi tana tafiya cikin ruwa. Tun a kasuwa muke farke shi mu ɗaure ƙunshin gida ɗaya, kamar kilo 18, a leda biyu. Ƙunshi goma sha uku ke nan a sawu, sawu goma ya gama gida 120, kwalekwale biyu su kammala kafin la'asar. A rabon farko garin kwaki da sukari da gyaɗa da ƙuliƙuli muke gabatarwa. Wata tsohuwa ce ta nuna mini dalili, tana zaune a kan benci da aka ɗora bisa bulo, murhunta a cikin ruwa, gawayinta ya jiƙe. Ta ce, "Ɗan nan, shinkafar taku da me zan dafa ta?"

Masu kwalekwale ma tun Agusta muke zama da su, domin ranar da ruwa ya zo kuɗin haya ninkawa yake yi. 'Yan unguwa muke ɗauka, waɗanda suka san inda kwata take a buɗe da inda katanga ta nutse. Injin ba ya amfani a lungu, leda da ciyawar ruwa suna naɗe farfela, sai gora. Mutum ɗaya yana gaba yana dungura ƙasa yana duba wayar wuta. Kowa da rigar hana nutsewa, kuma ba ma fita bayan magariba ko da wa ya kira, sai dai haihuwa ko rai a bakin mutuwa, nan ma LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta Jihar Legas, muke fara bugawa a 112.

Rabo a bakin ruwa masu ƙarfi yake ciyarwa. Samari su ne ke iya ratso ruwa su kewaye jirgi, tsoho da mai goyo suna can ciki. Shi ya sa muke rubuta gidaje tun kafin ruwa, a ba kowane gida kati mai lamba, jirgi ya bi lungu lungu. Mata biyu ne ke shiga gidajen da maza ba sa shiga. Duk da haka akwai waɗanda rajistar gidaje ba ta kamawa: 'yan dako, masu tura baro, 'yan acaba da 'yan ci-rani da ke kwana mutum takwas a shago ɗaya. Ba su da mai gida da zai ba da suna. Waɗannan ta hannun shugabannin 'yan dako muke samun adadinsu, a lissafa kowane mutum biyar a matsayin gida guda.

Da yamma muna haɗa takardu uku: abin da ya fita daga sito, abin da matuƙi ya sa hannu ya karɓa, da katunan da aka dawo da su. Idan ƙunshi 39 ya fita, kati 36 ya dawo, a daren nan ake neman ukun, tun kowa yana tuna lungun da ya bi. Kwafin rajistar muna miƙa wa jami'an gwamnati da sauran masu kawo taimako, don kada su sake zuba kaya a layin farko da ya riga ya samu, alhali layukan da ke can bakin kogi ba a kai gare su ba.